Yadda Firji Ke Fitar da Zafi, da Yadda Yake Jinkirta Lalacewar Abinci

A wannan fitowa za mu yi bayani a kan firji, wanda wasunmu ke kira firigo. Mun san ba kowane gida ne ke da shi ba, amma kusan dukkanmu muna hulɗa da shi. Da shi ake ajiye allurar rigakafin yaranmu a asibiti, daga cikinsa ƙanƙarar da muke saya a kasuwa take fitowa, kuma wasu iyalai sukan kai nama ko miya ajiya wurin mai shago su biya ɗan kuɗi. Wanda ya san yadda na'urar ke aiki zai gane lokacin da abincin da ya ajiye yake da aminci, da lokacin da ya kamata ya haƙura da shi.

Zafi ake kwashewa

Yawancinmu mun ɗauka cewa firji yana ƙera sanyi ne ya hura shi cikin akwatin. A gaskiya sanyi ba wani abu ba ne da ake zubawa kamar ruwa. Abin da muke kira sanyi ƙarancin zafi ne kawai. Aikin firji shi ne ya kwashe zafin da ke cikin akwatin ya zubar da shi waje. Shi ya sa idan ka kai hannu bayan firjin da ke aiki za ka ji ɗumi. Wannan ɗumin daga cikin abinci da ruwan da ke ciki aka ciro shi, haɗe da zafin da injin kansa yake yi.

Zafi yana da ɗabi'a guda: kullum daga abu mai zafi yake tafiya zuwa abin da bai kai shi zafi ba. Kofin shayi yana hucewa domin zafinsa na shiga iska. Ƙanƙara tana narkewa domin zafin iska na shiga cikinta. Zafi ba ya juyawa baya da kansa, kamar yadda ruwa ba ya hawa tudu. To amma firji yana son ya ɗauki zafi daga akwati mai sanyi ya kai shi ɗaki mai zafi, wato ya hau da ruwa tudu ke nan. Wannan ba ya yiwuwa sai da famfo, kuma famfo sai da ƙarfi. Abin da wutar lantarki ko hasken rana ke biya ke nan.

Darasin randa

Dabarar da firji ke amfani da ita tsohuwa ce a wurinmu. Ruwan randa yana yin sanyi ko da ana tsananin zafi, domin jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi. Duk lokacin da ruwa zai zama tururi, sai ya sha zafi daga abin da yake taɓawa. Ruwan da ya tsattsafo yana shan zafin ne daga jikin randa da ruwan da ke ciki, ya tafi da shi cikin iska. Haka gumi ke sanyaya jikinmu. Haka kuma idan ma'aikaciyar jinya ta shafa maka sifirit kafin allura za ka ji wurin ya yi sanyi, domin sifirit ya fi ruwa saurin bushewa.

Zafin da bushewa ke sha ba kaɗan ba ne. Zafin da ake bukata a mayar da lita ɗaya ta tafasasshen ruwa tururi gaba ɗaya ya ninka fiye da sau biyar wanda ake bukata a ɗora ruwan ƙanƙara a wuta har ya tafasa. Duk macen da ta taɓa jiran tukunya ta ƙafe ta san ƙafewa ta fi tafasa cin itace.

Masu ƙera firji sun ɗauki wannan darasi suka canza abu biyu. Na farko, maimakon ruwa sun nemo wani sinadari mai tafasa a cikin tsananin sanyi. Na biyu, maimakon su bar tururin ya bi iska kamar na randa, sai suka kulle shi cikin bututu, suna mayar da shi ruwa, suna sake amfani da shi. Wannan sinadari shi ne masu gyara ke kira gas. Ruwan sha yana tafasa a digiri 100. Gas ɗin da ake zuba wa yawancin sababbin firji na gida, wanda za a ga an rubuta R600a a takardar da ke jikinsu, yana tafasa ne a wajen digiri 12 ƙasa da sifili. Wani kuma da ake gani a firji da yawa, R134a, yana tafasa a wajen digiri 26 ƙasa da sifili. A wurin irin wannan sinadari, ko ruwan sanyin da ke cikin firji tamkar murhu ne, ya isa ya tafasa shi.

Zagayen gas a matakai huɗu

Gas ɗin yana zagaye ne cikin bututu guda da ba shi da mafita, kuma yana bi ta wurare huɗu.

Mataki na farko yana cikin akwatin. A cikin bangon firji, ko a jikin gidan ƙanƙara, akwai bututu da aka lanƙwasa. Sinadarin yana shigowa nan yana ruwa, da sanyin da ya kai wajen digiri 20 ƙasa da sifili. Tun da ya fi komai na cikin akwatin sanyi, zafin abinci da na iskar ciki sai ya kwarara zuwa gare shi. Yana shan zafin sai ya tafasa ya zama tururi. A nan ne ake kwashe zafi.

Mataki na biyu shi ne injin, baƙin ƙarfen nan mai kama da tukunya da ke ƙasa ta baya, wanda masu gyara ke kira kwamfuresa. Shi ne ke yin gurnanin da muke ji. Yana zuƙo tururin daga cikin akwatin ya matse shi da ƙarfi. Duk iskar da aka matse tana yin zafi. Wanda ya taɓa ba wa tayar keke iska ya san gindin famfon yana ɗaukar zafi. Bayan matsi, tururin da ya fito da sanyi ya zama ya fi iskar ɗaki zafi sosai.

Mataki na uku shi ne baƙaƙen bututun da ke bayan firji masu kama da raga. A wasu sababbin firji da firiza an ɓoye su cikin bangon gefe, shi ya sa gefen ke ɗumi. Tun da yanzu tururin ya fi iskar ɗaki zafi, zafinsa sai ya fita ya shiga iska. Yana rasa zafin sai ya koma ruwa, kamar yadda tururi ke zama ɗigon ruwa a ƙarƙashin murfin tukunya. A nan ne ake zubar da zafi.

Mataki na huɗu wani siririn bututu ne mai tsawo, wanda raminsa bai fi kaurin allura ba. Ruwan sinadarin yana kutsawa ta cikinsa da ƙyar. Yana fita ɗaya bakin sai ya tarar da wuri mai ƙarancin matsi, domin injin yana ta zuƙe abin da ke can. Nan take wani ɓangarensa ya zama tururi, saura ya yi sanyi ƙarara. Masu girki da tukunyar gas sun san irin wannan: idan aka daɗe ana girki, jikin tukunyar yakan yi sanyi har ya yi raɓa. Daga nan sinadarin ya koma mataki na farko, zagaye ya ci gaba.

Asirin duka yana cikin matsi. Idan matsi ya yi ƙasa, sinadarin yana tafasa a cikin sanyi ya sha zafi. Idan matsi ya yi sama, yana komawa ruwa ko da a ɗaki mai zafi ne, ya saki zafin. Injin da siririn bututun su ne suka raba zagayen gida biyu, ɓangaren ƙaramin matsi a ciki, na babban matsi a waje. Tun a shekarar 1834 wani mai ƙere-ƙere, Jacob Perkins, ya yi rajistar na'ura mai aiki da wannan tsari a Ingila, kuma har yau a kansa yawancin firji suke.

Saura abu biyu. Bangon firji cike yake da wani busasshen soso mai hana zafin waje shiga da sauri, amma ba ya hana shi gaba ɗaya. Akwai kuma ma'aunin da ke kashe injin idan sanyi ya kai yadda ake so, ya sake kunna shi idan zafi ya fara dawowa. Don haka firjin da ke yin shiru na ɗan lokaci sannan ya tashi lafiyarsa lau. A yawancin firji masu maɓallin juyawa, lamba mafi girma ita ce sanyi mafi yawa.

Daga wannan bayani za mu gane abubuwa biyu. Gas ɗin firji ba ya ƙarewa kamar man fetur, domin zagaye kawai yake yi. Idan mai gyara ya ce gas ya ƙare, to akwai inda bututu ya huje, kuma idan aka zuba sabo ba a toshe hujin ba, kuɗin ya tafi a banza. Na biyu, barin ƙofar firji a buɗe ba ya sanyaya ɗaki. Zafin da ya kwasa ta gaba yana zubar da shi ta baya a cikin ɗakin, ya ƙara da zafin injinsa.

Abin da ke lalata abinci

Abinci yana lalacewa ne musamman saboda ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ke cikin iska, da ƙura, da hannuwanmu, da jikin ɗanyen nama. Wasunsu suna sa abinci tsami, wari ko yauƙi. Wasu kuma ba sa canza ɗanɗano ko ƙamshi, amma su ne ke kawo gudawa da amai. Waɗannan na biyu sun fi haɗari, domin hanci ba ya gano su.

Ƙwayoyin suna yaɗuwa ta hanyar rabuwa: ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. Idan suka sami abinci mai laima da ɗumi kamar na jikin mutum, wasunsu kan rabu duk bayan minti 20. Bari mu ƙirga. A ce ƙwayoyi 100 ne suka shiga miya daga cokali ko hannu bayan ta huce. Bayan awa ɗaya sun zama 800. Bayan awa biyu, 6,400. Bayan awa huɗu sun haura 400,000. Bayan awa shida sun wuce miliyan 26. Awanni biyu na farko ba su kai na ƙarshe ɓarna ba ko kusa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a zafin ɗaki. Zafin bazara a yankinmu kuwa shi ne daidai wanda ƙwayoyin suka fi so.

Ƙwayoyin sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da digiri 60. Sama da 60 zafi yana hana su, tafasa kuma tana kashe yawancinsu. Ƙasa da 5 jikinsu yana mutuwa, rabuwar da ke ɗaukar mintoci ta koma ɗaukar awanni masu yawa, wasu ma su tsaya cak. Saboda haka ake so cikin firji ya zauna a digiri 5 ko ƙasa da haka. Firiza kuma ana so ta kai digiri 18 ƙasa da sifili, inda ruwan da ke cikin abinci ke daskarewa, ƙwayoyin su rasa ruwan da za su yi rayuwa da shi.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai yake yi. Da zarar abinci ya fito ya ɗumama, sai su farka su ci gaba daga inda suka tsaya. Abincin da ya riga ya fara lalacewa kafin a sa shi a firji zai fito da lalacewarsa. Kuma ko a cikin firji lalacewa tana tafiya a hankali. Dafaffen abinci yana iya kwana uku zuwa huɗu a firjin da wutarsa ba ta yankewa. Ɗanyen kifi, ɗanyar kaza da niƙaƙƙen nama kuwa kwana ɗaya zuwa biyu ne.

Misali: tukunyar miya

A ce an yi suna, aka rage miyar nama lita biyar, uwargida tana son ta kai ajiya firjin mai shago. Miyar ta sauka daga wuta da zafin wajen digiri 90, ana so ta sauko zuwa 5. Nawa ne zafin da za a kwashe?

Akwai ma'auni mai sauƙi. Kilo ɗaya na ƙanƙara, kafin ya narke duka, yana shan zafin da zai sauke lita ɗaya ta ruwa da digiri 80. Miyarmu lita biyar ce, kowace lita za ta sauka da digiri 85. Biyar sau 85 ya ba da 425, a raba da 80, ya zama kilo biyar da ɗan ɗori. Wato sa wannan tukunya da zafinta a firji daidai yake da ɗora masa aikin da zai narkar da ƙanƙara fiye da kilo biyar. Ƙaramin firji zai yi awanni yana fama. A cikin waɗannan awanni nonon wata da naman wani da ke kusa da tukunyar za su ɗumama. Tsakiyar miyar ma za ta daɗe da ɗumi, domin zafi daga gefe yake fita, kuma miya mai kauri tana riƙe shi.

Barin tukunyar a tsakar gida har dare don ta huce da kanta shi ma ba mafita ba ne, domin mun ga abin da awa shida ke yi. Hanyar da ta dace ita ce a gaggauta hucewar. A raba miyar cikin ƙananan kwanoni masu faɗi, kada zurfinta ya wuce tsawon ɗan yatsa. A jera kwanonin cikin baho mai ruwan randa, ana juya miyar da cokali mai tsabta, ana canza ruwan idan ya ɗumama. Idan ta sauko zuwa wajen digiri 35, wato ɗumin da hannu ke jurewa ba tare da jin zafi ba, a rufe a kai firji, duk kafin awa biyu su cika. Yanzu abin da ya rage wa firjin digiri 30 ne a kowace lita: biyar sau 30 ya ba da 150, a raba da 80, bai kai kilo biyu na ƙanƙara ba. An rage masa kusan kashi biyu cikin uku na aikin.

Washegari idan za a ci, a ɗebi iya wadda ake bukata a tafasa ta sosai har tsakiya, a bar saura a sanyi. Ɗumamawa sama-sama tana mayar da miya daidai zafin da ƙwayoyin ke so.

A ce kuma wuta ta ɗauke da dare. Firjin da aka bar ƙofarsa a rufe yana riƙe sanyinsa kimanin awa huɗu. Firiza cikakkiya tana iya kai kwana biyu, wadda take rabi kuma kwana ɗaya. A tsananin zafi irin na watan Afrilu a ɗauka cewa lokacin bai kai haka ba. Don haka tambayar da ya kamata mu yi wa mai shago ita ce: awa nawa firjin ke kwana a kashe? Wanda ke kunna janareta da rana ya kashe da dare, firjinsa ya isa sanyaya lemo da ruwa, amma bai dace da ajiyar nama na kwanaki ba. Idan ka karɓi kwanonka da safe ka ji babu sanyi a jikinsa, kuma ba ka san tun yaushe ba, kada a ba yara, masu ciki, tsofaffi ko marasa lafiya. Naman firiza da har yanzu akwai ƙanƙara a jikinsa yana da aminci. Wanda ya narke ya yi ɗumi, ruwansa ya taru a leda, ya fita daga aminci ko da an sake daskarar da shi. Alamar da ke nuna an yi haka ita ce jini ko ruwa da ya daskare a gindin ledar.

Dafaffiyar shinkafa tana bukatar kulawa ta musamman. Akwai wata ƙwayar cuta da ke jure dahuwa, kuma idan shinkafa ta daɗe da ɗumi tana zuba mata dafin da sake tafasawa ba ya kashewa. Shinkafar da ta kwana a waje cikin zafi tana iya sa amai ko da an ɗumama ta sosai.

Abin da ke hana firji aiki, da yadda za a gane

Kusan kowace matsala ta firji tana komawa ga ɗaya daga cikin abu uku: zafi ya kasa fita ta baya, ko zafi yana shiga ta gaba, ko zagayen gas ya tsaya.

Idan bututun baya suka cika da ƙurar hunturu, ko aka manna firjin da bango, ko aka ajiye shi inda rana ke dukansa, zafi ba ya samun hanyar fita. Alamarsa ita ce injin yana aiki ba hutawa amma sanyi kaɗan ne. A cire wuta, a share ƙurar da busasshen tsumma, a bar tazarar kamar faɗin tafin hannu tsakaninsa da bango. A duba kuma takardar da ke jikinsa. Firjin da aka rubuta wa T an yi shi ne don ya jure zafin ɗaki har digiri 43, mai ST har 38, mai N kuwa 32 kawai. Tsohon firjin da aka ƙera don ƙasashen sanyi yakan gaza a ɗakin kwano da rana tsaka ko da babu abin da ya lalace a jikinsa.

Idan robar bakin ƙofa ta saki, iska mai zafi da laima tana shiga. A gwada da takarda: a rufe ƙofa a kanta a ja. Idan ta zare ba tare da turjiya ba, robar ta mutu a wurin. Laimar da ke shiga ita ce ke daskarewa a bango, kuma ƙanƙara mai kauri tana zama kamar bargo tsakanin abinci da bututun da ke shan zafi. Idan kaurinta ya kai rabin santimita, a kashe firjin a bar ta ta narke da kanta. Kada a kuskura a sassaƙe ta da wuƙa. Bututun yana kusa da fatar bangon, huji ɗaya ya isa ya zubar da gas, kuma R600a yana kama wuta. Idan hakan ta faru a buɗe ƙofa da taga, a nisantar da ashana, fitila da murhu.

Idan injin yana gurnani amma bayan firjin babu ɗumi, ciki kuma babu sanyi, mai yiwuwa gas ya zube ko siririn bututun ya toshe, sai mai gyara. Idan kuma ana jin ƙas, injin ya yi yunƙuri ya tsaya, bayan ɗan lokaci ya sake, sau da yawa wutar ce ba ta da ƙarfi, ko ɗan abin da ke tayar da injin ya lalace. A cire shi daga wuta kafin injin ya ƙone. Duk lokacin da wuta ta ɗauke ta dawo nan take, a jira minti biyar kafin a kunna, domin matsin da ke cikin bututu ya daidaita. Firjin da aka ɗauko a kwance a mota ko amalanke a bar shi tsaye awanni kafin a sa masa wuta, domin man injin ya koma mazauninsa.

Firjin asibiti

Yawancin allurar rigakafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 da 8. Zafi yana rage musu ƙarfi, wasunsu kuma, kamar ta tetanus, daskarewa ce ke lalata su. Shi ya sa ma'aikata ke rubuta zafin firjin safe da yamma. Yawancin sababbin firjin rigakafi masu aiki da hasken rana ba su da batir. Da rana injin yana daskarar da ruwan da ke cikin bangonsu, da dare wannan ƙanƙara tana shan zafin da ke shigowa. Idan ma'aikaci ya ƙi karɓar ruwa ko abincinmu ya sa a ciki, ba rowa ba ce. Kowace buɗe ƙofa da kowace robar ruwa zafi ne da ake ƙara wa maganin yaranmu. Masu ciwon suga da ke amfani da allurar insulin su tambayi ma'aikatan lafiya yadda za su ajiye ta, kuma kada a ɗora ta kai tsaye a kan ƙanƙara, domin daskarewa tana ɓata ta.

Idan babu firji

Kula da ƙanƙara tana aiki da ma'aunin da muka yi a sama. Mai sayar da zoɓo lita goma da ke son sauke shi daga digiri 35 zuwa 5 yana bukatar ƙanƙara kusan kilo huɗu, ban da wadda za ta narke saboda zafin da ke shiga ta bango da murfi. Muddin akwai sauran ƙanƙara a ciki, ruwan da ke kewaye da ita yana kusa da sifili. Da ta narke duka, zafi zai fara hawa. Babban dunƙule ya fi ƙanana daɗewa. Kuma tun da sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, ƙanƙarar da aka yi da ruwa marar tsabta tana ɗauke da cutarta. Idan ba mu san ruwan ba, mu sanyaya abin sha daga wajen roba, kada mu jefa ta ciki.

Akwai kuma tukunya cikin tukunya, wadda Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a jihar Jigawa, ya yaɗa a ƙauyuka har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke bushewa ta jikin babbar yana janye zafi daga ƙaramar. Tana ƙara wa tumatir, tattasai, yalo da ganye kwanaki, musamman a lokacin rani da iska ke bushe. Da damina ƙarfinta yana raguwa, domin iska mai laima ba ta busar da ruwa da sauri. Sanyinta ba ya sauka zuwa digiri 5, saboda haka ba wurin ajiye ɗanyen nama, kifi, ko miyar da ta kwana ba ne. Ga waɗannan, idan babu firjin da muka amince da shi, hanyoyinmu na gida sun fi tabbas: a busar, a yi banda, a soya a tsane, ko a dafa iya abin da za a cinye.

Duk wanda ya ga gudawa ko amai a gidansa bayan cin abincin da aka ajiye, musamman ga ƙaramin yaro, ya fara ba shi ruwan gishiri da suga na asibiti, ya kai shi wurin ma'aikatan lafiya ba tare da jinkiri ba, ya kuma faɗa musu abin da aka ci da inda aka ajiye shi. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, amin.